Kashin Kunne Ba Ƙazanta Ba Ne: Yaushe Ya Kamata A Cire Shi?

Uwargida, in kika buɗe jakar kayan haihuwa da kika fara haɗawa, da wuya a rasa kwalin tsinken auduga a cikinta, kusa da sabulu da hoda da man shafawa. A gidajenmu da yawa, wankan jariri bai cika ba sai an sakace masa kunne. Manya kuwa kowa da abin da ya saba da shi: wani gashin kaza, wani tsinken ashana ko na tsintsiya, wani marfin biro, wani ma makullin mashin. Duk muna yin haka ne da niyyar tsabta. Amma a sashen kula da kunne, hanci da maƙogwaro, da yawa daga cikin masu zuwa da toshewar kunne, wannan tsinken ne ya kawo su. Don haka a wannan fitowa za mu yi miki bayanin inda kashin kunne yake fitowa, da aikin da yake yi, da lokacin da cire shi yake zama dole.

Daga ina yake fitowa?

Ramin kunnen babban mutum bai wuce tsawon santimita 2 da rabi ba, wato kamar gaɓar yatsa guda, kuma a ƙarshensa dodon kunne yake. Dodon kunne wata fata ce siririya da take a shimfiɗe kamar fatar ganga. Ita ce ke girgiza in sauti ya bugo ta, daga nan ji yake farawa.

In aka raba wannan rami gida uku, kashi ɗaya na bakin ƙofa guringuntsi ne, fatarsa tana da kauri, kuma tana da ƙananan gashi. A nan ne kaɗai ake yin kashin kunne. Akwai ƙananan maɓuɓɓuga iri biyu a cikin fatar wurin. Ɗaya tana fitar da maiƙo irin wanda yake fitowa a fuska, ɗayar kuma dangin masu fitar da gumi ce. Abin da suke fitarwa yana haɗuwa da matacciyar fata da ke saɓulewa daga bangon ramin, da 'yar ƙurar da ta shigo daga waje. Wannan haɗin shi ne kashin kunne, kuma mafi yawansa fatar ce.

Sauran kashi biyu na ciki ƙashi ne da wata fata mai laushi ta lulluɓe, kuma ba a yin kashin kunne a can ko kaɗan. Ki riƙe wannan da kyau. Duk lokacin da likita ya leƙa ya tarar da kashin kunne a can ciki, manne da dodon kunne, mafi yawanci wani abu ne ya tura shi.

Kalarsa ma ba abin tayar da hankali ba ce. Na yara yakan zama mai laushi, ruwan ɗorawa ko ruwan zuma. In ya daɗe yakan yi duhu har ya koma kusan baƙi, musamman da hunturu in ƙura ta yi yawa. Baƙinsa alama ce ta daɗewa kawai. Akwai kuma bambanci na gado. Yawancin mutanen Afirka da na Turai nasu mai danshi ne da yauƙi, mutanen gabashin Asiya irin su Sin da Koriya da Japan kuwa yawanci nasu busasshe ne, kalar toka, yana marmashewa. A shekarar 2006 masana a Japan suka gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke kawo wannan bambanci. Haka nan yawansa ya danganta da jikin mutum. Yaron da kunnensa ke yawan tara shi ba ƙazami ba ne, kuma ba laifin uwarsa ba ne.

Wane aiki yake yi?

Aikinsa na farko tsaro ne. Yauƙinsa yana kama ƙura da yashi da ƙananan ƙwari tun a bakin ƙofa, kafin su isa ga dodon kunne.

Na biyu, shi ne man shafawar kunne. Maiƙonsa yana hana fatar ramin bushewa da tsagewa, yana kuma sa ruwan wanka ya gangaro waje maimakon ya jiƙa fatar. Wannan ne ya sa mai yawan sakace kunne yake fama da ƙaiƙayi. Ya goge man, fata ta bushe, sai ta yi ƙaiƙayi, sai ya sake ɗaukar tsinke. Daɗin da ake ji lokacin susa shi ke sa a kasa dainawa, alhali susar ce take ƙara kawo ƙaiƙayin.

Na uku, yana da ɗan tsami-tsami da ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama a cikinsa. Kunnen da aka kankare tas, ga ƙananan ƙurji da tsinke ya bari, ga danshin ruwan wanka, shi ne wanda ya fi saurin kamuwa da ciwon ramin kunne, irin wanda yake kumbura har mutum ba ya son a taɓa masa kunnen.

Kunne yana share kansa

Fatar jiki in ta mutu takan zube ko tufafi su goge ta. To ta cikin kunne fa, da babu abin da ke goge ta? Fatar wannan wuri tafiya take yi. Tana tsirowa daga tsakiyar dodon kunne, ta bazu zuwa gefensa, sannan ta bi bangon ramin a hankali tana nufar waje, ɗauke da duk abin da ya manne mata. A shekarar 1964 wani likita mai suna Alberti ya ɗiga tawada a kan dodon kunnen mutane, ya riƙa dubawa mako bayan mako, ya ga ɗigon yana matsawa daga tsakiya zuwa gefe. Saurin tafiyar ya yi kusan daidai da yadda farce yake tsiro. Taunar abinci da magana su ma suna taimakawa, domin gaɓar muƙamuƙi tana jikin ramin kunne, duk motsin da ta yi sai ta ɗan girgiza shi. In kashin ya iso bakin kunne sai ya bushe ya faɗo, ko ya fita wurin wanka ba tare da kin lura ba.

Yanzu ki duba abin da tsinken auduga yake yi. Kaurin kansa ya kusa cika ramin. In kika zura shi, ɗan abin da ya manne a jikin audugar ne yake fitowa, ki gani ki ce kin yi tsabta. Sauran kuwa kin danna shi ciki, kamar yadda ake danna gari a cikin kwano. Kin kai shi inda ba a yin sa, kuma gobe za ki sake dannawa. A haka yake taruwa ya daskare ya zama toshiya.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Yaro ba ya zama wuri ɗaya, kuma juyi ɗaya da zai yi da kansa ya isa tsinke ya huda dodon kunne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2010 an kai yara fiye da 260,000 sashen gaggawa saboda raunin da tsinken auduga ya yi musu a kunne. Mafi yawansu wajen goge kunne abin ya faru, kuma sau da yawa yaron ne da kansa yake riƙe da tsinken. Abin da yaro ya ga uwa tana yi shi yake kwaikwayo.

Tsabtar da kunne yake buƙata ba ta da yawa. Bayan wanka, ki naɗe ƙyalle mai tsabta a yatsa, ki goge fatar kunnen ta waje da bayanta da bakin ramin. Inda yatsa ya tsaya, nan aikinki ya tsaya. Shafar kunne da ake yi a alwala ma daidai wannan iyakar take.

Yaushe cire shi yake zama dole?

Duk da haka, akwai waɗanda kunnensu yake toshewa. Likitoci sun ƙiyasta cewa abin yana samun kamar yaro 1 cikin 10, da babba 1 cikin 20, sannan ya fi yawa ga tsofaffi, domin da shekaru kashin yakan ƙara bushewa. Masu ƙaramin ramin kunne ko mai yawan gashi, da masu yini da iyafis a kunne, da masu sa na'urar taimaka wa ji, sun fi kowa fuskantar haka.

Ƙa'idar da likitoci suke bi mai sauƙi ce. Dalili biyu ne ke sa a cire kashin kunne. Na farko, in yana damun mai shi. Na biyu, in ya tare wa likita hanya, ya hana shi ganin dodon kunne alhali yana buƙatar gani, misali ga yaro mai zazzaɓi da kukan kunne, ko wanda za a yi wa gwajin ji. In ba ɗaya daga cikin biyun nan, ko da an leƙa an gan shi, ƙyale shi ake yi.

Damuwar da yake kawowa ita ce jin kunne ya cika kamar an cusa auduga, raguwar ji, ƙara ko shuu a kunne, ɗan ciwo marar tsanani, wani lokaci da jiri. Wasu har busasshen tari suke yi, saboda akwai wata jijiya a bangon ramin da take da alaƙa da maƙogwaro. Wata alama da ta fi nuna shi ita ce kunne ya toshe farat ɗaya bayan wanka ko wanke kai. Dalili shi ne muddin akwai 'yar kafa, sauti yana wucewa. Da ruwa ya shiga sai kashin ya kumbura ya rufe kafar. Masu jego da ke wanka da ruwa mai yawa safe da yamma sukan gamu da wannan.

Ga yaro ƙarami, tsoho mai mantuwa, ko wanda ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, iyali ne za su lura. Yaron da sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, ko yake matsawa jikin talabijin, ko malami ya ce ba ya mai da hankali a aji, a duba masa kunne kafin a ce taurin kai ne.

Misali daga ɗakin duba marasa lafiya

Mu ɗauki misalin mace mai cikin wata shida da ta zo awo, ta ce kunnenta na dama ya toshe kwana huɗu ke nan, tun ranar da ta wanke kai za ta je kitso. Ba ciwo, ba zazzaɓi, ba ruwa. Ta ce kullum bayan wanka tana sa tsinken auduga, kuma tun da abin ya faru ta ƙara yawan sawa, amma sai ƙara toshewa yake yi.

Kafin a taɓa kunnen, za a yi mata tambayoyi. Kunnen ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya, ko da tun tana yarinya ne? An taɓa ce mata dodon kunnenta ya huje? An taɓa yi mata aiki a kunne? Tana da ciwon sukari? Ɗaya kunnen yana ji sosai? Za a kuma auna hawan jininta. Daga nan sai a leƙa da 'yar na'ura mai fitila. A kunnen hagu an ga dodon kunne fes, yana ƙyalli. A na dama kuwa wani baƙin dunƙule ne ya cika ramin.

Tun da duk amsoshinta a'a ne, kuma kunnen hagu lafiya lau, sai a fara da tausasa shi. Za a ce ta sami man zaitun mai tsabta, ta kwanta a gefen hagu, wani ya ɗan ja fatar kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ya ɗiga mata ɗigo 2 zuwa 3. Ta zauna a kwance minti 5 zuwa 10, sannan ta tashi ta goge abin da ya gangaro. Za ta yi haka sau 3 a rana, kwana 3 zuwa 5. Ba a ɗora man a wuta. Riƙe kwalbar a tafin hannu na ɗan lokaci ya isa. Ba a kuma toshe kunnen da auduga bayan an ɗiga, domin audugar za ta shanye man. Za a gaya mata tun da wuri cewa a kwana ɗaya ko biyu na farko toshewar tana iya ƙaruwa kafin ta ragu, kada ta tsorata. Man zaitun a kunne ba ya cutar da ciki.

Ga mutane da yawa wannan kaɗai ya isa, kashin yakan fito da kansa cikin mako biyu. In ta dawo bai fita ba, sai a wanke. Ma'aikaciyar jinya za ta tura ruwa a hankali ta saman bangon ramin, ruwan ya zagaya bayan dunƙulen ya turo shi waje cikin 'yar tasa. Dole zafin ruwan ya yi daidai da na jiki, wato 37 a ma'aunin zafi. In ya yi sanyi ko ya yi zafi, yana taɓa sashen da ke riƙe daidaiton jiki a can cikin kunne, sai jiri ya kwashe mutum, har da amai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba ma son mai ciki ta gwada wanke kunne da sirinji a gida. Bayan an gama za a sake leƙawa a tabbatar dodon kunne lafiya yake, a kuma tambaye ta ko ji ya dawo. In kunne ya fita tas amma ji bai dawo ba, to akwai wani dalili daban, sai a tura ta gwajin ji.

Da a ce ta amsa cewa kunnen ya taɓa zubar da mugunya, da labarin ya canza. Mai yiwuwa akwai huji a dodon kunnen da dunƙulen ya ɓoye, kuma ruwa ko mai zai bi ta nan ya shiga tsakiyar kunne ya tayar da ciwo. Irin wannan ba a ɗiga masa komai, ba a kuma wanke shi. Likitan kunne ne zai ciro shi da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ko na'urar zuƙa, yana kallon abin da yake yi. Haka ake yin taka-tsantsan da mai ciwon sukari, da wanda aka yi wa aiki a kunne, da mai ji da kunne ɗaya tak.

Ba kowace toshewa ce kashin kunne ba

Mai juna biyu tana iya jin kunnenta ya toshe alhali ramin fes yake. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci. Ciki yakan sa fatar hanci ta kumbura, sai hanyar ta toshe, kunne ya yi ɗum kamar lokacin mura. Wasu matan kuma hanyar takan zauna a buɗe, sai su riƙa jin muryarsu da numfashinsu suna amsa-kuwwa a kai, in sun kwanta abin ya lafa. Duka biyun sukan wuce bayan haihuwa, kuma ba tsinke ko mai da zai yi musu magani.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. In kina jin ƙara ko bugun zuciya a kunne, ki faɗa a wurin awo, domin ƙarancin jini ko hawan jini na iya kawo haka. In har ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ki zo asibiti a ranar. Haka nan ga kowa a gida: ciwon kunne mai tsanani, zazzaɓi, fitar mugunya ko jini, wari, kumburi a bayan kunne, ko ji ya ɗauke kwatsam a kunne ɗaya ba tare da ruwa ya shiga ba, duk waɗannan ba aikin man zaitun ba ne. Ɗaukewar ji ta farat ɗaya musamman tana son a gan ta cikin kwana ɗaya ko biyu, domin maganinta ya fi aiki in an fara da wuri.

Kunnen jariri

Jariri yana zuwa duniya da farin maiƙo a jikinsa, kuma akan sami kaɗan daga ciki a ramin kunnensa. Yana fita da kansa cikin 'yan kwanaki. Ramin kunnen jariri gajere ne ƙwarai, kuma mai laushi, dodon kunnensa yana kusa fiye da yadda ake zato. Saboda haka ki gaya wa duk mai yi masa wanka, kaka ce ko ungozoma ko gwaggo, cewa ƙyalle a yatsa ya wadatar, a kuma busar da bayan kunnen inda nono da gumi suke taruwa.

Kada a ɗiga wa jariri nono, man shanu, man gyaɗa, ruwan albasa ko ruwan tafarnuwa a kunne. Kada kuma a sayo maganin ɗigawa ko haidurojin mai kumfa a kemis ba tare da an leƙa kunnen ba, domin wasu magungunan suna iya lalata ji in dodon kunne a huje yake. Ki iya bambanta kashin kunne da mugunya: kashin kunne yana da kauri da yauƙi, ba ya wari sosai, yaro kuma yana wasansa. Mugunya tana da ruwa-ruwa, fara ce ko ruwan ɗorawa, tana ɓata matashi, sau da yawa bayan mura, zazzaɓi da kukan dare. Wannan a kawo shi asibiti.

In jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya juyowa wajen muryarki, kada a ce ai datti ne ya toshe masa kunne, zai fita. A kawo shi a gwada jinsa, domin da ji yaro yake koyon magana.

In tsautsayi ya riga ya faru

Idan tsinke ya shige, yaro ya ƙwalla ƙara, ko kika ga jini, kada ki zuba komai a kunnen, kada ki wanke, kada kuma ki sake zura wani abu don ki duba. Ki hana ruwa shiga, ki kawo shi a duba. Yawancin irin wannan huji yana warkewa da kansa cikin makonni in an bar kunnen a bushe, amma sai likita ya bi sawu har ya tabbatar ya rufe kuma ji ya dawo. Haka in kan audugar ya cire ya maƙale a ciki, ko yaro ya cusa wake ko dutsen ado. A bar wa ma'aikatan asibiti su ciro, musamman ƙwayar hatsi ko wake, wadda take kumbura in ruwa ya taɓa ta.

Kwalin tsinken audugan nan kuwa, ki cire shi daga jakar haihuwa, ki ajiye shi inda hannun yara ba zai kai ba. In kina da wata damuwa game da kunnenki ko na wani a gida, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya a ranar awonki na gaba. Leƙa kunne ba ya ɗaukar minti biyu, kuma ba ya da zafi. Allah ya sauke ki lafiya.